Rance tsakanin ’yan uwa: amsar Kawu

“Kawu, yayana ya yarda zai ranta mini kuɗi in ƙara jari. Da na ce mu rubuta a takarda sai ya ɓata rai, wai na maishe shi bare. Ku a zamaninku yaya kuke yi ba rubutu, kuma zumunci bai lalace ba?”

Ɗana, na karanta saƙonka na yi murmushi, daga baya kuma na yi shiru. Wa ya gaya maka bai lalace ba? Ya lalace a gidaje da yawa, sai dai mutanen da ba sa tallar abin da ya same su. Za ka ga ’yan uwa biyu sun daina zama a inuwa ɗaya, yara su taso su tarar da haka, ba wanda zai gaya musu kuɗi ne sila. Waɗanda nasu ya tsira kuwa ba sa’a ba ce ta tsirar da su. Akwai abubuwan da suke yi da baki da ƙafa, ku kun bar su, kuma ba ku maye gurbinsu da komai ba.

Ina yaro, ban kai aure ba, kakanka ya samu aikin ƙofofi da tagogi na wani babban gida, amma ba shi da kuɗin katako. Ya shirya zuwa wurin wansa, wanda muke kira Baba Babba, ya ce in bi shi. A hanya muka biya muka ɗauki wani dattijo maƙwabcinsu, wanda ba danginmu ba ne. Na tambaye shi me ya kawo bare cikin maganar wa da ƙani. Ya ce, “Ɗan uwa in ya yi shaida, gobe dole ya zaɓi ɓangare. Wannan ba ya cin gadon kowa a cikinmu.”

Da muka zauna aka gaisa, mahaifinmu bai yi kewaye-kewaye ba. Ya ce, “Yaya, rance nake nema, 600. Ba jari za ka sa ba, ba kyauta nake roƙo ba. Zan biya sau uku, 200 duk ƙarshen wata biyu, daga kuɗin da mai gidan zai riƙa ba ni.” Baba Babba ya shiga ciki ya fito da kuɗin. Bai miƙa wa ƙaninsa ba, dattijon ya ba, shi ya ƙirga da ƙarfi, ya maimaita adadin da lokutan biya, sannan ya miƙa. Ina jin kunya a lokacin, ina ganin kamar ba su yarda da juna ba. Sai da na girma na gane abubuwa huɗu aka ɗaure a wannan zama: nawa ne, mene ne sunansa, yaushe za a biya, kuma daga ina kuɗin biyan zai fito. Wanda bai iya faɗin na ƙarshen nan ba, bai shirya cin bashi ba tukuna.

Biyan farko ya tafi daidai, a gaban dattijon. Kafin na biyu mai aikin ya yi tafiya bai bar kuɗi ba. Abin da kakanka ya yi a nan nake so ka riƙe. Bai jira ranar ta zo ba. Saura kwanaki ya tara abin da ya iya, 120, ya sake ɗaukar dattijon, ya je ya ce, “Ga abin da ya samu. Saura 80 na wannan karon, ina roƙon a ɗaga mini zuwa wata mai zuwa.” Baba Babba ya ce ba komai, har ya tambaye shi ko gida akwai abin da ake bukata. Mahaifinmu yakan ce mai bin bashi ba rashin kuɗin ne ke ƙona masa rai ba, shirun ne. Idan ka yi shiru ka tilasta masa ya zama mai tambaya, kuma ɗan uwa ba ya yafe wa wanda ya sa shi roƙon abinsa da sauƙi. Yau kuwa sai mutum ya daina ɗaga waya, ya daina zuwa gidan, ranar wani taro ya zauna nesa. Alhali zumunta a ƙafa take, kuma lokacin da ake binka bashi ne ya fi kamata a riƙa ganin ƙafarka.

To, ga inda abin ya karkace. Bayan makonni kuɗin ya shigo. Mahaifinmu ya haɗu da wansa a hanya, ya ciro 80 ɗin ya ba shi a tsaye, su biyu kawai. Baba Babba ya sa a aljihu ya ce zai gaya wa dattijon. Allah bai nufa ba. Ya kwanta ciwo na ’yan kwanaki, ya rasu.

Da aka zo lissafin abin da ya bari, aka kira dattijon. Ya faɗi abin da idonsa ya gani: an karɓi 600, an biya 200, an biya 120, saura 280. Mahaifinmu ya ce saura 200, don ya ba da 80 a hanya. Ba wanda ya ce ƙarya yake yi. Babban ɗan marigayin ma cewa ya yi, “Baffa, maganarka ta ishe mu.” Amma malamin da ke rabon ya ce kuɗin nan yanzu ba na marigayi ba ne, na magada ne, kuma a cikinsu akwai ƙananan yara uku. Babba yana iya yafe rabonsa, amma ba mai ikon yafe na maraya. Kuma wanda ya amsa an ba shi bashi, sannan ya ce ya biya, shi ne zai kawo hujjar biyan. Mahaifinmu ya yi shiru na ɗan lokaci, ya ce zai biya 280. Ya biya kuwa, bai rage ko kaɗan ba.

Ba a yi faɗa ba, ba a ɗaga murya ba. Amma na ga yadda ya koma. Ya ci gaba da zuwa gidan yana duba marayun, sai dai ba ya daɗewa kamar da. Yana ganin kamar matar wansa tana kallonsa da zargin ya so rage kuɗin yara, ita kuma, daga baya muka ji, tana jin nauyin an sa shi biya sau biyu. Kowa yana kunyar kowa, aka shekara da shekaru a haka a kan 80. Har ya tsufa in zancen ya taso yakan ce, “Hanyar da kuɗi ya bi ya shigo, ita zai bi ya koma.” Ma’ana, wanda ya ga karɓa ya ga biya, komai ƙanƙantarsa.

Saboda haka kada ka ɗauka rashin rubutu wata daraja ce ta mutanen da. Da yawansu ba su iya ba ne, sai suka sa mutum a madadin takarda. Addini ma ai bai ce a dogara da yarda kaɗai ba. Aya mafi tsawo a Alƙur’ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi take, ta ce a rubuta shi zuwa ajalinsa, ƙarami ne ko babba, a kuma kafa shaidu. A cikinta an ce wanda ake bi shi zai yi shiftar abin da za a rubuta. Kai ke nan. Don haka neman da ka yi ba rashin kunya ba ne. Ina dai zargin yadda ka faɗe shi ne ya yi wa yayanka zafi. In ka ce “mu rubuta”, yana jin kamar kana tsoron ya cuce ka, ko kana ganin zai matsa maka. Da cewa ka yi, “Yaya, rai ba a hannunmu yake ba, ina so in na faɗi iyalina su san haƙƙinka”, da wuya ya ƙi. Bashi ana fitar da shi daga dukiyar mamaci kafin a raba gado, kuma magada ba za su biya abin da ba su san da shi ba.

Ku yaran yanzu kuna cewa ai ta banki aka turo, akwai shaida. Shaidar tana nuna kuɗi ya tashi daga nan ya sauka can. Ba ta nuna rance ne, ko taimako, ko jarin da za a raba riba. Na ga wa da ƙani da suka rabu a kan wannan kaɗai: kasuwa ta yi kyau, wan ya ce jari ya zuba yana jiran rabonsa, ƙanin ya ce rance ne ga kuɗinka. Da kasuwar ta faɗi, da kowa ya ɗauki maganar ɗayan. Tunda kai ma jari za ka ƙara, wannan ita ce kalmar da za ku fara tsayarwa kafin kuɗi ya motsa. In rance ne, abin da ka karɓa shi za ka mayar, ko ka ci riba ko ka yi asara, kuma ba a sharɗanta ƙari. In ranar biya ka ga dama ka ƙara masa wani abu don kanka, wannan kyautatawa ce.

In ya dage ba ya son takarda, kada ka yi jayayya da wanda ke taimakonka. Ranar da kuɗin ya shigo, ka tura masa saƙon godiya, ka sa adadin a ciki, ka ce rance ne, ka faɗi ranakun da za ka biya. Zai amsa ko da da “ba komai” ne, ka adana. Duk biyan da ka yi ka sake tura saƙo: na turo kaza, saura kaza. Kuma ka sanya ranar da ta wuce wadda kake tsammani da ɗan tazara, domin masu cin bashi suna yanka wa kansu gajeren lokaci don su nuna himma, sannan su kasa. Wani abu kuma da ke ba ni haushi: mutum ana binsa, sai a gan shi da sabuwar waya. Ko kyauta aka ba ka, mai binka ba zai sani ba, zai dai gani. Hadisi ya ce jinkirin mai hali zalunci ne, kuma ɗan uwanka da ido yake auna halinka.

Ban san zuciyar yayanka a wannan karon ba. Wataƙila a ransa ya riga ya bar maka kuɗin, shi ya sa takarda ta yi masa nauyi. In haka ne, sai ya faɗa da bakinsa a gaban wani, kada kai ka yanke masa. Shin matarsa ta san zai ba ka? Taka matar fa? Ka fara bincika wannan, ka kuma gaya mini wa kake tunanin ɗauka ya zauna muku, in ji ko mutum ne da zai iya faɗin gaskiya a gaban ku biyun.