Madarar Saniya Mai Ciwon Hantsa: Yadda Ake Gane Ta da Dalilin Hana Sayar da Ita

"Baba, yau da asuba ina tatsar jar saniyar nan da ta haihu wata biyu da suka wuce, sai na ga madarar kan nononta na baya na hagu ta tsinke, akwai 'yan gudaji a ciki, amma sauran ukun lafiya lau suke, kuma tana cin abincinta. Mene ne wannan? Idan na tace madarar na tafasa ta, ba zan iya haɗa ta da ta sauran shanu a kai kasuwa ba?"

Ɗana, wannan ciwon hantsa ne, kuma madarar ba ta kasuwa ba ce, ko an tace ta ko an tafasa ta. Hantsar saniya kashi huɗu ce, kowane kashi da nasa kan nonon, kuma madarar wani kashi ba ta ratsawa zuwa wani. Ƙwayoyin cuta suna shiga ne ta ƙofar kan nono, wadda takan zauna a buɗe na ɗan lokaci bayan tatsa, sai su hau sama su hayayyafa a kashin da suka shiga. Jikin saniya kuwa yakan aika da fararen ƙwayoyin jini masu yawa su yaƙe su. Gudajin da ka gani su ne waɗannan ƙwayoyin jinin da suka mutu, haɗe da madarar da ta dunƙule, wato dai farkon mugunya ne. Tsinkewar kuma tana faruwa ne saboda naman da ke yin madarar ya kumbura, ruwan jini da gishiri suna tsiyayowa cikinta, zaƙinta da maiƙonta suna raguwa.

Abin da ya fi muhimmanci ka koya shi ne duba tsirtowar farko, domin a cikinta ne alamar take fara bayyana. A nan akwai wani abu a al'adarmu ta tatsa da ke ɓoye ciwon. Mun saba sakin maraƙi ya fara tsotsa don saniya ta sauko da nono, kuma idan ya tsotsa, ya riga ya shanye madarar da ke kwance a kan nonon, wadda ita ce mai gudajin. Saboda haka, kafin ka saki maraƙi, ka wanke hannunka, ka goge kan nonon, ka tatso tsirtowa biyu ko uku daga kowane ɗaya daban, a kan wani abu baƙi mai santsi, ko murfin baƙar roba ko ƙoƙon da aka ɗaura wa baƙin ƙyalle. Ƙwarya da farin kwano ba su nuna komai, don fari a kan fari ba ya fitowa. Ka karkata murfin wajen haske, ka bar madarar ta gangara a hankali. Lafiyayyar madara takan gangara sumul, launinta ɗaya, ba ta barin komai a baya. Mai ciwo takan bar ɗigo-ɗigon gudaji, ko zare-zare masu maƙalewa, ko ka ga ruwa-ruwa yana gaba kauri yana baya. Idan ciwon ya yi nisa, launin yakan koma rawaya ko ruwan ƙasa, wani lokaci da jini, wani lokaci da wari. Kada ka tatsa a tafin hannunka, kada kuma ka tatsa a ƙasan da shanu suke kwanciya, domin ta haka ne cutar take isa ga ta gaba. Haka nan kada ka ɗanɗana don neman gishiri-gishirin da tsofaffi suke faɗa. Gaskiya ne yana nan, amma ido ya ishe ka.

Bayan ka gama tatsa, hantsar ta saki, sai ka shafa ta da bayan hannunka, kana gwada kashin hagu da na dama, na gaba da na gaba, na baya da na baya. Kashin da ya kamu yakan fi ɗan'uwansa zafi da tauri, ba ya lafawa bayan tatsa, kuma saniyar da ba ta saba harbi ba sai ta ɗaga ƙafa idan ka taɓa wurin. Gwada kashi da kashi shi ne zai raba maka ciwo da abin da ba ciwo ba. Dakashi, wato madarar kwanakin farko bayan haihuwa, yana da kauri da launin rawaya, amma a duka kan nono huɗu yake fitowa haka, kuma yana washewa cikin 'yan kwanaki. Wata saniyar takan ba da madara mai ɗan ja-ja da ta haihu, saboda ƙananan jijiyoyin jini sun fashe, ba tare da zafi ko gudaji ba. Wadda ta kusa ƙafewa ma madararta takan canja. Amma saniyar da ta yi wata biyu da haihuwa, kashi ɗaya ya bambanta da sauran uku, babu wani uzuri da za a nema mata.

Cin abincin da take yi alheri ne, domin yana nuna ciwon bai wuce hantsa ba tukuna. Zafin jikin lafiyayyar saniya yana tsakanin digiri 38 da 39 da ɗan kai. Idan ka auna ka ga ya kai 40, ko ta daina tuƙa, kunnuwanta sun yi sanyi, madarar ta zama ruwan rawaya zalla, ko fatar kan nonon ta fara yin baƙi tana sanyi, to a kira likitan dabbobi a cikin wannan sa'ar, don irin wannan yana kashe saniya cikin kwana ɗaya ko biyu.

Ka kuma sani cewa wanda ido yake gani shi ne kaɗan. A garke, shanun da ke ɗauke da ciwon a ɓoye, madararsu fara tas, sukan fi waɗanda suka nuna yawa, kuma alamarsu kawai ita ce raguwar nono. Malaman dabbobi suna gano su da wani gwaji da suke kira CMT: faranti ne mai gurbi huɗu, a tatsa kimanin ƙaramin cokali ɗaya daga kowane kan nono a gurbinsa, a zuba ruwan gwajin daidai yawan madarar, a jujjuya na wasu daƙiƙoƙi. Lafiyayya takan zauna ruwa, mai ciwo kuwa sai ta yi yauƙi kamar miyar kuɓewa. Idan likita ya zo, ka roƙe shi ya gwada sauran kashi ukun jar saniyar da kuma shanun da kake tatsa bayanta.

Yanzu ga maganar tacewa da tafasawa. Matatar madara tana tare gudaji ne kawai, ƙwayoyin cuta da ruwan mugunya kuwa suna wucewa ta cikinta, don haka abin da tacewa take yi shi ne ɓoye aibin daga idon mai saye. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin, wannan haka yake, amma ɗaya daga cikin manyan masu haddasa ciwon hantsa, wadda likitoci ke kira sitafilokokus, tana iya zuba dafi a cikin madarar da ta jima a zafin rana, kuma wannan dafin tafasa ba ta lalata shi. Wanda ya sha yakan kamu da amai da murɗar ciki cikin sa'o'i kaɗan. Ka tuna su wa suke shan abin da muke sayarwa: yaran da aka yaye, mata masu ciki, tsofaffi, da marasa lafiyar da aka dama wa fura don ita kaɗai suke iya sha. Kuma ba duk wanda ya saya ne yake dafawa ba. Sayar da abu da aibin da ka sani ka ɓoye algus ne, kuma wannan algus ne da ke shiga cikin ɗan mutum.

Ko ta fuskar ciniki ma ba ta da riba. Irin wannan madarar takan tsinke a kan wuta, kindirmon da aka yi da ita ba ya kama jiki, yana ware ruwa, man da ake samu a kaɗa kuma kaɗan ne. A wuraren tattara madara ana haɗa ɗan samfuri da barasar gwaji, idan ya dunƙule sai a mayar da garwar gaba ɗaya, har da madarar lafiyayyun shanun da aka zuba a ciki.

Abin da za ka yi da jar saniyar daga yau shi ne ka mayar da ita ta ƙarshe a tatsa, da ƙwaryarta da tsummanta daban, ka fara da lafiyayyun kashi ukun, ka ƙare da mai ciwon, sannan ka wanke hannunka da sabulu. Ka tatse kashin mai ciwo ƙarƙaf sau uku ko huɗu a yini, ko da tana ƙi, domin fitar da madarar yana fitar da cutar. Abin da ya fito a zuba a rami a rufe. Har madarar sauran ukun ka ware ta daga ta sayarwa sai an gwada su. Kada ka sayi allura a kasuwa ka yi mata da ka, domin maganin da ya dace ya danganta ne da irin ƙwayar cutar.

Da zarar an sa mata magani, ko allura ce ko wanda ake matsawa ta kan nono, madararta duka ta zama abar zubarwa, ta kashi huɗun, saboda maganin yana shiga jini ya fito ta ko'ina. Wannan ya fi gudaji wuyar kiyayewa, don bayan kwana biyu za ka ga madarar ta yi fari ta yi kyau, zuciyarka ta ce maka ta warke. Maganin yana nan a ciki, tafasa ba ta kawar da shi, yana hana kindirmo kamawa domin yana kashe ƙwayoyin da ke sa nono tsami, yana tayar wa waɗanda jikinsu ba ya karɓar maganin fenisilin ciwo, kuma shansa kaɗan-kaɗan yana taimaka wa ƙwayoyin cuta su daina jin magani. Kowane magani an rubuta a takardarsa tsawon lokacin da za a jira, kuma ana ƙirgawa ne daga sa magani na ƙarshe. A ce an fara ranar Litinin, an ƙare ranar Laraba da yamma, takardar kuma ta ce awa 96. To madararta ba za ta shiga garwa ba kafin Lahadi da yamma, kuma sai idan baƙin murfi ya nuna ta washe. Idan tana ba da lita 6 a rana, wajen lita 40 ke nan za a zubar a wannan makon, kuma ni na yarda da wannan asarar. Allurai masu daɗewa a jiki lokacinsu ya fi haka tsawo, saboda haka ka sa likita ya faɗa maka ranar da bakinsa, ka ɗaura wa saniyar jan ƙyalle a ƙafa don duk wanda ya tatsa a bayanka ya sani.

Bayan ta koma cikin sauran, ka ci gaba da duba wannan kashin kowace safiya. Idan gudajin ya dawo karo na biyu da na uku, ko ka ji wani ƙullutu mai tauri a cikin hantsar wanda ba ya bajewa, to cutar ta zauna, kuma ita ce za ta riƙa rarraba wa garken. A lokacin sai mu zauna da likita mu duba ko a ƙafar da wannan kashin a ci gaba da tatsar ukun, ko kuwa a fitar da ita daga cikin shanun tatsa.