Farashi ya yi wa matsakaicinsa nisa: in saya ko in jira?

Tambaya: Malam, akwai wani hannun jari da nake bibiya tun yana kan 100, ban saya ba, yanzu ga shi ya kai 130 alhali matsakaicinsa na kwana 50 yana nan kan 100. Kowa sai maganar riba yake yi, ni kuma ina jin kamar an tafi an bar ni. In shiga yanzu, ko na makara?

Amsa: Ɗan'uwa, shawarata ita ce kada ka saya a wannan wuri da irin kuɗin da ka yi niyyar sakawa tun farko. Dalilina lissafi ne na asara, domin babu wanda ya san ranar da hawan zai ƙare.

Matsakaicin da ka ambata, wato layin da kake gani a allo da sunan SMA 50, jimillar farashin rufewa ce ta kwana 50 da suka wuce, aka raba da 50. Tazarar da ke tsakaninsa da farashin yau kashi 30 cikin 100 ce, amma kafin ka ce ta yi yawa, auna ta da irin motsin da hannun jarin ya saba yi. Ma'aunin ATR, wanda J. Welles Wilder ya fito da shi a 1978, shi ne ke nuna faɗin motsin kullum, galibi bisa kwana 14. Mu ƙaddara ATR ɗin yana kan 4. Ke nan farashin ya yi wa matsakaicinsa nisan motsin kwana bakwai da rabi, kuma wannan nisa ne sosai.

Matsalar tana ga wurin da za ka sa iyakar asara, wato farashin da za ka sayar ka fita idan hannun jarin ya faɗo. Wurin da ya dace shi ne ƙasa kaɗan da layin, a ce 98, domin faɗawa ƙasa da nan ne ke nuna hawan ya karye. Idan jarinka 10,000 ne, kuma ka yanke ba za ka yi asarar fiye da kashi 1 cikin 100 a ciniki guda ba, wato 100, to saye a 130 na nufin kowane hannu yana ɗauke da haɗarin 32, hannu 3 kawai za ka iya ɗauka. Wanda ya saya a 104 haɗarinsa 6 ne, shi ya ɗauki hannu 16 da wannan iyaka ɗaya. Don ya ci ninki biyu na abin da ya sa a haɗari, 116 kawai yake jira, kai kuwa sai farashin ya kai 194. Kaya ɗaya ne, amma cinikinku ya sha bamban.

A nan ne yawancin mutane ke yaudarar kansu, abin da ke ba ni takaici ƙwarai. Sai mutum ya sayi hannu da yawa a 130, ya matso da iyakar asararsa zuwa 127 don lissafin ya yi kyau. Tazarar 3 ba ta ma kai motsin yini guda ba, saboda haka ƙaramar girgiza ta fitar da shi, washegari farashin ya sake hawa, ya koma ya saya da tsada cikin fushi. Wani kuma ya ƙi sa iyaka gaba ɗaya. Waɗanda suka ruga kasuwar hannun jari ta Nasdaq da ke Amurka a Maris 2000, tana sama da maki 5,000, sun ga ta zubar da kusan kashi 78 cikin 100 zuwa Oktoba 2002, ba ta sake taka wancan matsayi ba sai 2015.

Sai dai kada ka ɗauki nisan a matsayin tabbacin faɗuwa, balle ka yi cinikin da ke dogara ga saukar farashin. Kaya mai ƙarfi yana iya daɗewa sama da layinsa. Tazarar tana rufuwa ta hanya biyu: ko farashi ya sauko, ko ya tsaya cik layin ya biyo shi. Idan ya zauna kan 130, kuma kwanakin da ke fita daga lissafin suna kusa da 90, layin zai riƙa ƙaruwa da 0.8 kullum, cikin kwana goma ya kai 108. Jira yana rage maka haɗari ko da farashin bai sauko ba.

Saboda haka ka sa ƙararrawa a manhajar cinikinka, ta sanar da kai idan tazarar ta ragu zuwa ninki biyu na ATR, wato kusan 8, ka rubuta wurin shiga da na fita tun kasuwa tana rufe. Idan zuciyarka ta ƙi haƙura, ɗauki hannu 3 ɗin nan da iyaka a 98, kada ka ƙara ko ɗaya sai layin ya matso.