Na tarawa ko na ninkawa? Abin da ya same ni a watan Afrilu

"Jama'a, ina da cinikin wata 36 na lemon kwalba, zan yi hasashe da Holt-Winters. A wajen seasonal, "add" zan sa ko "mul"?"

Wallahi ɗan'uwa ka taɓo mini inda yake yi mini ƙaiƙayi, don ni ma a defon lemo nake. Ɗauki watan da kasuwarka ta fi zafi, ka gwada shi da matsakaicin shekararsa sau biyu: ka debe, sannan ka raba. Wanda ya tsaya cik daga shekara zuwa shekara shi ne naka.

Ga namu. Shekarar farko matsakaicin wata katan 200 ne, Afrilu 300. Ta biyu matsakaici 280, Afrilu 420. In ka debe, rarar ta tashi daga 100 zuwa 140. In ka raba, 1.5 ne duk biyun, ka ga na ninkawa ke nan, wato "mul". Amma wani da maigida ya biya kuɗi ya zo ya haɗa mana fayil ɗin Excel da FORECAST.ETS, bai gaya wa kowa cewa wannan na tarawa, wato "add", kaɗai ya iya ba. Shekara ta uku matsakaici ya kai 400, fayil ya ce Afrilu wajen 520, alhali 400 sau 1.5 katan 600 ne. Kaya suka ƙare ana tsakar zafi, masu shaguna a bakin ƙofa suna ta masifa, ni aka tsare gaban yara kamar ni na shanye lemon. Shi kuwa mutumin ko waya ya ƙi ɗauka. Da Agusta ta zo, fayil ya ce wajen 330, aka sayar da 280, sauran suka yi ta zama a sito. Alamar ke nan: hasashe ya gaza a watan ciniki, ya zarce a watan sanyin kasuwa.

```python
from statsmodels.tsa.holtwinters import ExponentialSmoothing

ExponentialSmoothing(y, trend="add", seasonal="mul",
                     seasonal_periods=12).fit()
```

In Excel kaɗai gare ka, sa LN a kan cinikin, yi hasashen, ka mayar da EXP. Sai dai wata guda mai sifili ya isa ya tsayar da "mul" da LN gaba ɗaya, saboda haka mai sayar da taki da ba ya ciniki da rani ya tsaya a kan "add".

Don Allah ka yi lissafi da katan, ba da naira ba, kar tsadar kaya ta zame maka kamar kasuwa ce ta buɗe. Kuma azumi yana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, gamma, wato lambar da ke daidaita seasonal, ba ta san da wannan ba, ni da hannu nake gyara watan. Ware wata 12 na ƙarshe, ka horar da duka biyun a kan 24 na farko, ka ga wanda kuskurensa ya fi ƙanƙanta. Kar ka rage ƙasa da 24 ɗin, lissafin ba zai tashi ba.