Kada ka kwance waya kafin ka fita da ita fili

"Maigida, wani ɗan kai saƙo ya kawo waya jiya, wai taswira tana nuna shi a layin baya alhali yana tsaye a cikin shagonmu. Na kunna data, na kashe, duk bai gyaru ba. Shin GPS ɗinta ne ya ƙone? Kuma dama can da data yake aiki, ko ba ya buƙatarta?"

Ajiye sukundireban nan tukuna, ɗana. Wayar da aka gwada a ƙarƙashin rufin kwano, ba a riga an gwada ta ba. Ɗaga kai ka dubi abin da ke samanmu: kwano ne, gefe da gefe kuma bulo da siminti, ƙofa ɗaya ce tak ke kallon waje. Ko sabuwa dal ka ɓare daga kwali a nan, za ta iya jefa ka layin baya.

Bari in fara daga abin da wayar take yi a zahiri, don yawancin masu kawo mana gyara suna zaton tauraron ɗan'adam ne ke kallonsu daga sama yana gaya wa wayar inda suke. Ba haka ba ne. Waya ba ta aika wa tauraro komai, saurare kawai take yi. Taurarin GPS na Amurka, kimanin 30 ne ke aiki, suna can sama da nisan kilomita 20,200, kowanne yana zagaya duniya sau biyu a cikin awa 24. Kowanne na ɗauke da agogo mai tsananin daidaito, kuma dare da rana yana ta shela iri ɗaya: ni ne wane, ga lokacin da na saki wannan saƙo, ga hanyar da nake bi. Wayoyin yanzu ba na Amurka kaɗai suke ji ba, suna haɗawa da GLONASS na Rasha, da Galileo na Turai, da BeiDou na Sin, amma bakinmu ya saba da kiran duka GPS.

Saƙon yana gudu da saurin haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. To idan waya ta san lokacin da ya taso da lokacin da ya iso, ta san nisan da ke tsakaninta da wannan tauraro. Ta sami nisan na biyu da na uku, sai wurin da zai dace da duka nisan ya ragu zuwa ɗigo guda a doron ƙasa. Amma akwai matsala: agogon da ke cikin waya ɗan arha ne. Idan ya yi kuskuren kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, lissafin ya kauce da kilomita 300, ka ga mutum yana Kano an kai shi wata jiha. Shi ya sa ake buƙatar tauraro na huɗu, da shi wayar ke gyara kuskuren agogonta. Ka riƙe wannan lamba, huɗu ne mafi ƙaranci, kuma duk aikin awon lokaci ne. Kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, mita 300 ne. Duk abin da ya jinkirta saƙo ko da ƙiftawa, ya matsar da kai a taswira.

Maganar data kuwa, ga yadda take. Kafin waya ta yi lissafi, dole ta san inda kowane tauraro yake a wannan lokaci. Tauraron da kansa yana watsa wannan bayani, sai dai a hankali ƙwarai, bit 50 kacal a daƙiƙa. Bayanin hanyar tauraro ɗaya yana maimaituwa duk daƙiƙa 30, kuma dole wayar ta ji shi ba yankewa. Idan gini ya tare a tsakiya, sai ta jira zagaye na gaba. Jadawalin dukan taurarin kuwa minti 12 da rabi yake ɗauka kafin ya kammala. Bayanin hanyar ma ba ya daɗewa, bayan 'yan awanni ya tsufa. Saboda haka wayar da ta kwana biyu ba a nemi wuri da ita ba, kuma babu intanet, za ta iya ɗaukar rabin minti zuwa mintuna kafin ta kama. Idan da data, sai ta sauko da wannan bayani ta intanet nan take, turken sabis kuma ya ba ta ƙiyasin yankin da take, ta san taurarin da za ta nema. Cikin daƙiƙu kaɗan ta kama. Wannan taimako shi ake rubutawa A-GPS a takardar bayanin waya. Data tana rage jira ne kawai. Awon nisan, eriyar wayar ce ke yin sa da kanta.

Kana iya tabbatarwa yau ɗin nan. Cire layi, sa wayar a Airplane mode, ka bar Location a kunne, ka fita fili ka tsaya. Za ta kama. Abin da ke ruɗa mutane shi ne hoton taswirar, tituna da sunayen unguwanni, su ne ke zuwa ta intanet. Ba data, sai ka ga shuɗin ɗigo yana zaune a kan farin fili, mutum ya ce GPS ba ya yi. Direbobin da ke doguwar hanya inda sabis ke ɗaukewa, ina gaya musu su sauke taswirar yankin tun suna gari, akwai Offline maps a cikin Google Maps.

Yanzu mu dawo cikin shago, inda tambayarka take. Saƙon da ya yi tafiyar kilomita dubu ashirin, kafin ya iso ƙasa ya raunana har ya nutse a cikin hayaniyar da ke iska, sai da dabara wayar ke tsamo shi. Mai wannan rauni ba zai huda kwano ba, ƙarfe mayar da shi yake yi. Rufin kankare mai rodi a ciki kuwa ya kusa cinye shi gaba ɗaya. Wanda ya samu shigowa, ta ƙofa ko taga yake shigowa, kuma sau da yawa ba kai tsaye ba. Ya bugi bangon benen da ke tsallaken layi, ya dawo ya bugi ƙofar ƙarfen maƙwabcinmu, sannan ya faɗo kan teburinka. Wayar ba ta san ya yi kwana ba, ita dai lokaci take aunawa. Idan kwanan ya ƙara masa mita 30, sai ta ɗauka tauraron ya fi nisa da mita 30, ta tura ɗigon ya tsallaka gini. Ƙari a kan haka, taurarin da take ji duk ta gefen ƙofa suke, sun taru a kusurwa ɗaya ta sama. Lissafi yana kyau ne idan taurarin sun warwatsu gabas da yamma, kudu da arewa; idan suka cunkushe wuri guda, ƙaramin kuskure sai ya kumbura.

Akwai kuma abin da ya fi wannan yawa, wanda masu gyara da dama ba su lura da shi ba. A cikin gini, galibi ɗigon da kake gani ba daga tauraro ya zo ba sam. Idan wayar ta rasa taurari, ba ta cewa ban sani ba, sai ta koma tambayar maƙwabta. Ta duba turakun sabis da take ji, ta duba sunayen Wi-Fi da ke kusa ko da ba ta shiga ko ɗaya ba, ta aika wa rumbun bayanan Google ko na Apple, a ce mata an taɓa jin waɗannan a wuri kaza. Wannan hanyar ita ce ke son intanet. Wi-Fi kan ba da kusanci na 'yan gomman mita. Turken sabis kaɗai kuwa zai iya kaucewa da ɗaruruwan mita a gari, a ƙauye har kilomitoci, shi ya sa wani lokaci kake ganin faffaɗan da'ira mai ruwan shuɗi kewaye da ɗigon. Da'irar nan wayar ce ke faɗin iyakar saninta: ina cikin nan, amma ban san takamaimai ina ba. Kuma a kasuwa irin tamu, mutane na yawo da ƙananan akwatunan Wi-Fi daga gida zuwa shago, wasu a sayar da su a kai wata unguwa. Rumbun yana tuna tsohon wurin, sai ka ga mutum yana shago an nuna shi a gidan da akwatin ya saba kwana.

To ta yaya za ka bambance wayar da ta lalace da wadda rufi ya tare? Sa mata manhajar GPSTest, ka sa wa taka ita ma, ka fita da su biyu inda kake ganin sama sosai, nesa da bango. Ka ba su minti biyu ko uku. Manhajar za ta jera taurarin da kowace ke ji, da lamba a ƙarƙashin C/N0, wato ƙarfin saƙo. A fili, lafiyayyar waya kan nuna mafi ƙarfinsu daga 35 zuwa sama da 40. Ka shigo da ita shago ka kalli lambobin suna zubewa zuwa 20 ko ƙasa, wasu taurarin su ɓace. Idan ta ɗan kai saƙon ta yi kafaɗa da taka a fili, ba abin da ya same ta, ka mayar masa ka yi masa bayani, kada ka karɓi ko kwabo.

Ni na taɓa yin kuskuren da nake hana ka, amma ta ɗaya gefen. Wani mai adaidaita ya dawo da wayar da na canza wa gilashi, yana cewa tun ranar taswira take masa gardama. Na ce rufi ne, na sallame shi. Ya dawo washegari ransa a ɓace, don a kan titi yake aiki, ba a ɗaki ba. Da na fita da ita na jera da tawa, tawa na nuna 41 da 39, tasa a kan taurarin nan ɗin tana 22 da 19, ta kama ta saki. Na buɗe, sai ga ɗan ƙaramin ƙarfen nan mai lanƙwasa, mai ruwan zinare, wanda ke tashi daga injin wayar ya taɓa eriyar da ke jikin firam, na danne shi ya kwanta lokacin da nake rufewa. Da bakin hantsaki na ɗaga shi, na goge wurin da yake taɓawa, na ɗaure sukurorin saman da kyau. Na sake fita, ta haura 38. Laifina ne, kuma na hana bawan Allah aikin yini guda.

Saboda haka idan a fili ka ga ta ɗan kai saƙon tana ƙasa da taka da goma ko fiye a kan taurari iri ɗaya, sannan ne za ka buɗe. Ka tambaye shi ko ta faɗi, ko ta sha ruwa, ko an taɓa canza mata gilashi ko murfin baya. Ka fara da ƙarafan taɓa eriya da sukurori kafin tunaninka ya kai ga ɗora wuta a kan inji. Idan kuma ɗigon yana daidai amma kibiyar ce ke kallon wani gefe, wannan kamfas ne, ba tauraro ba. Ya cire rigar waya mai maganaɗisu, ya juya wayar a iska kamar yana zana lamba 8.

Ɗauko tasa da taka mu fita bakin titi yanzu, kafin rana ta yi zafi.