Malam, wai takardun Alƙur'anin Birmingham sun girmi Annabi?

Tambaya: Malam ni ɗalibin tarihi ne. Na karanta cewa an auna wasu takardun Alƙur'ani a Ingila, awon ya nuna shekara ta 568, alhali a 570 aka haifi Annabi (SAW). Tun ranar zuciyata ba ta kwanta ba. Ya halatta in ci gaba da wannan karatu?

Amsa: Ɗana, waswasin da kake ƙyama ba ya cutar da imani, wannan babu saɓani. Amma ka karanta rabin lamba ne ka rufe littafi.

Warƙa biyu ce ta fata, ɗauke da yankin surorin Kahfi, Maryam da Ɗaha. A 2015 Jami'ar Birmingham ta sanar da awon da aka yi a Oxford: tsakanin 568 da 645, da ƙarfin zato kashi 95.4 cikin ɗari. Tsakani fa aka ce. Masu cewa Alƙur'ani ya riga Annabi sun kama 568 sun riƙe kamar babu 645, ga shi wahayi ya fara a 610, Annabi ya yi wafati a 632, Sayyidina Usman ya hau halifanci a 644, duk a cikin tazarar suke.

Sannan me aka auna? Fatar aka auna, ba tawada ba. Dabba tana raye tana ɗaukar sinadarin kabon-14 daga abincinta, ranar da aka yanka ta sai ya fara raguwa, rabinsa na tafiya a kusan shekara 5,730. To awon na lissafa lokacin yanka ne, shi kuma marubuci dole bayan nan ya ɗora alƙalami, ko da wata ɗaya ko da shekaru. Kuma an sha samun ɗakunan gwaji biyu su saɓa a kan littafi ɗaya. Shi ya sa masana ke haɗawa da salon rubutu, waɗannan rubutun Hijazi ne mai karkata dama, su duba tawada da tsarin layi, kamar yadda a nan ake ɗaga tsohuwar takarda sama a ga tambarin jinjirin wata uku.

Abin da ake ce wa naƙadin nassi a wannan karatun naka kuwa, kar sunan ya tsorata ka. Jera kwafe-kwafe ake yi a gwada, a gano inda idon mai kwafi ya tsallake layi don layuka biyu sun ƙare da kalma ɗaya, kwafi biyu masu kuskure iri ɗaya kuma a san uwarsu ɗaya. Malamanmu muƙabala suke ce masa. Da aka gwada na Birmingham da mus'hafin hannunmu kusan nassi ɗaya ne, yawancin bambancin na rasmu ne, wato ƙa'idar rubutu, irin sauke alifi.

Don haka halal ne, ka ci gaba. Sharaɗina ka zauna gaban malamin ƙira'a ka koyi rasmu tukuna, in ba haka ba ran da ka kai kan tsofaffin takardun Alƙur'anin da aka samo a San'a ta Yaman wasiƙa za ka sake aiko min. Kuma kar ka hau mumbari da awon nan, mu ta bakin mahaddata Alƙur'ani ya iso mana, gobe wani awo na iya fitowa daban. Ka rage karatun shubuha da tsakar dare kai kaɗai. Wallahu a'alamu.