An turo hoton gobarar Sabon Gari, yaya zan tabbatar?

"Jama'a, an turo mini sikirinshot a WhatsApp mai tambarin BBC Hausa, wai kasuwar Sabon Gari ta Kano ta kama da wuta daren jiya, har da hoton shaguna suna ci. Ƙanina yana da shago a can, wayarsa a kashe. Gaskiya ne?"

Hajiya, Allah Ya tsare. Na daɗe ina bin diddigin irin waɗannan saƙonni a zauren unguwarmu, kuma abin da nake fara gaya wa mutane shi ne sikirinshot hoton fuskar wayar wani ne kawai. Ba a latsa shi ya kai ki inda aka wallafa labarin, kuma yaro mai ƙaramar waya zai iya manna tambari ya sauya rubutu cikin minti biyar. Don haka buɗe shafin BBC Hausa da kanki ki duba labaran jiya da na yau. Gobara a kasuwa mai wannan girma ba ta ɓuya, da Freedom Radio ma ta wayi gari da ita.

Sai hoton, inda aka fi yaudarar mutane. Yanke shi ya rage wutar da shagunan kaɗai, domin in kin bar rubutun, binciken zai riƙa kawo miki kwafen saƙon da ake yaɗawa. Buɗe manhajar Google, latsa alamar kyamara, wato Google Lens, ki ɗora hoton. Ba kamanni kike nema ba, kwanan wata mafi tsufa kike nema. Ni na fi son shafin tineye.com a nan, saboda in kin zaɓi Oldest zai jero miki daga wanda ya fara gani. An yi babbar gobara a kasuwar a watan Maris na 2016, hotunanta kuma suna nan birjik a intanet. Idan naki ya fito da wannan shekarar, an tono tsohon hoto ne aka sa masa "daren jiya".

Ki kuma zuƙo hoton ki karanta allunan shaguna da lambobin motoci. Sau da yawa za ki tarar ba Kano ba ce ma. Yanayi ma shaida ne: hazon hunturu a hoton da aka ce na tsakiyar damina ne ya isa ki yi shakka.

Amma binciken yana da iyaka. In bai samo komai ba, hakan bai gaskata hoton ba, domin sabon hoto da wanda aka haɗa duk suna iya fitowa babu sakamako. Tsohon hoto kuma bai nuna ba a yi wuta jiya ba, wasu kan ɗora shi a kan labari na gaskiya. Saboda haka ki kira maƙwabcin shagon ƙanin naki ko wani ɗan layinsu, ki tambaye shi abin da ya gani da idonsa, ba abin da ya ji ba. Kafin nan, don Allah kada ki tura wa Umma ko zauren dangi.