Kafson man na'a-na'a ko shayinsa?

"Salamu alaikum 'yan uwa. Likita ya ce ba gyambo gare ni ba, rikicewar hanji ce ke sa mini murɗawa da kumburin ciki. Ya rubuta mini kafson man na'a-na'a, amma tunda na fara sha ƙwannafi ya taso ni gaba. In koma shayin na'a-na'a ne?"

Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Na daɗe da wannan lalura kuma duka biyun na sha, don haka a ganina kada ki yi saurin ajiye kafson.

Abin da ke aiki a man shi ne mentol, wanda ke sassauta naman jikin hanji, murɗawar ta lafa. To amma a bakin tumbi akwai wani nama da ke tsuke hanya don kada ruwan ciki mai tsami ya hauro ƙirji. Idan mentol ya taɓa shi, shi ma sakewa yake yi, sai ƙwannafi. Shi ya sa ake yi wa kafson rufi na musamman wanda tsamin tumbi ba ya narkarwa, sai ya gangara hanji yake buɗewa.

Idan kin yi gyatsa kin ji sanyi da ƙanshin na'a-na'a a maƙogwaro, kafson ya fashe tun a tumbi ke nan. Ni haka ta riƙa faruwa da ni lokacin da nake sha bayan cin abinci, domin abincin yana riƙe shi a tumbi har rufin ya jiƙe. Da na koma haɗiyarsa da ruwa minti 30 zuwa awa ɗaya kafin abinci, zafin ya ragu ƙwarai. Galibi kafso ɗaya mililita 0.2 ne na man, ana shan ɗaya sau uku a rana. Kada a tauna, kada a ɓare.

Wani tarkon kuma: ƙirji na zafi, sai mutum ya kora da maganin kashe tsamin ciki. Wannan ma yana narkar da rufin da wuri, zafin ya ƙaru. Ki bar tazarar awa biyu tsakaninsu. In kina shan omefirazol, wato maganin rage tsamin ciki, ki faɗa wa likitan.

Shayin fa? Yana da daɗi, yana ɗan saukar mini da iska, amma man da ke cikin kofi kaɗan ne, kuma ba shi da rufi, kai tsaye yake bi ta bakin tumbin nan. Mai ƙwannafi zai iya ƙara wa kansa. Gwaje-gwajen da suka nuna sauƙin ciwon ma a kan kafson aka yi su.

Ki gyara lokacin sha ki gani. In bayan mako biyu ƙirjin bai daina ba, ko dama can kina da ƙwannafi mai tsanani, ki koma a canza miki magani. In kuwa kin ga jini a bayan gida ko kina ramewa, kada ki jira mako biyun.